Tuni zan yi wa lauyana ko ba'asi zan nema?

Tambaya: Malam, na sayi fili a Kano na biya kuɗi duka har da na lauya, yau wata takwas takardar ba ta dawo sunana ba. Zan tura masa saƙo, in ce "tuni" ko "neman ba'asi"? Kuma zan iya saka masa "alƙawari kaya ne"?

Amsa: To ɗan'uwa, kalmomin nan ba nauyinsu ɗaya ba. Tuni na wanda ake kyautata wa zato ne, wato ka ɗauka mantuwa ce ko aiki ya yi masa yawa. Ba'asi kuwa daga Larabci muka aro shi, asalinsa bincike, shi ya sa in ka ce wa mutum ya ba da ba'asi kamar ka tsayar da shi gaban alƙali ne. Akwai ta tsakiya, bibiya, daga "bi" aka ninka ta, kana bin sawun abinka ba ka zargi kowa ba. Wata takwas ya wuce matakin tuni gaskiya, amma bai kai ba'asi ba tukunna, ni bibiya zan ce.

Dalili kuwa, mu a kasuwa da an ce "na sallama" ciniki ya faɗa, sai muke ɗauka fili ma haka ne, alhali a dokar filaye ta 1978 fili mai takardar mallaka ta gwamnati ba ya canja hannu sai da amincewar gwamna, bayan nan a buga sitam a yi rajista. Ka ga sallamawa daban mallaka daban. Sau da yawa ma ba lauyan ne ya riƙe ba, ko mai sayarwa bai sa hannu a takardar neman amincewar ba, ko ana bin filin bashin harajin ƙasa, ko kuma asalin takardar tana jingine a banki, wannan ta ƙarshen ita ce mai tayar da hankali.

Batun karin magana, "alƙawari kaya ne" nufinsa wanda ya yi alƙawari ya ɗora wa kansa nauyi sai ya sauke. Magana ce mai kyau amma a rubuce tana zama gugar zana, ba murya ba fuska, zai karanta ta kamar ka ce bai da amana. Ajiye ta sai kun haɗu. Ka tambayi abin da ake gani da ido kawai, lambar fayil da rasit, wanda ya shigar da takarda da gaske ba ya rasa su.

Ga yadda zan rubuta: "Salamu alaikum Barista, ya aiki? Ina bibiyar maganar canjin sunan filin nan ne. Don Allah a turo min lambar fayil da hoton rasit na kuɗin da aka biya gwamnati, sannan a wane mataki takardar take yanzu? In akwai abin da ya rage daga wajena ko wajen mai sayarwa a sanar da ni kafin Juma'a. Na gode."