Jinin Biƙi Ya Ɗauke Kafin Arba'in, Ya Kuma Dawo: Mene Ne Hukuncin Sallolina?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Allah gafarta Malam. Ni mai jego ce daga unguwar Zariya, nan Maradi. Na haihu ranar 5 ga watan azumi, haihuwar fari. A kwana na 22 jini ya ɗauke ƙaf, ina sa farin ƙyalle yana fitowa a bushe. Goggona da ke yi mini wankan jego ta ce mai jego ba ta salla sai ta yi arba'in, sai na zauna. A kwana na 39 kuma jini ya dawo. Maigidana ya ce akwai hadisin kwana arba'in. Shin akwai ramuwa a kaina? Kuma wannan jinin na biyu, na biƙi ne?

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah Ya raya abin da aka samu, Ya ba ki lafiyar shayarwa.

'Yata, a cikin wasiƙarki kalma ɗaya ce ta yanke hukunci, wato da kika ce ƙyallen yana fitowa a bushe. Alamar tsarki biyu ce ga mai haila da mai biƙi: bushewa, ko farin ruwan nan da ke biyo bayan jini. Kin ga ɗaya daga ciki, saboda haka tun kwana na 22 kin zama mai tsarki, wanka ya wajaba a kanki, salla da azumi sun dawo wuyanki. Jinin biƙi ba shi da mafi ƙarancin kwanaki. Ko a ranar haihuwa ya ɗauke, mace ta yi wanka ta yi salla, kuma wannan yana cikin Ahalari da muke karantar da yara a zaure. Mafi yawansa a mazhabar Imamu Malik kwana 60 ne.

Sallolin da suka wuce kafin ki ga bushewa a kwana na 22 an yafe miki su, babu ramuwa. Azumin kwanakin kuwa ana ramawa. A nan babu saɓani.

Inda zan tsaya shi ne maganar arba'in, don ta cinye sallolin matan garin nan ba adadi. Hadisin da maigidanki ya ji yana nan, daga Ummu Salama, Allah Ya yarda da ita, cewa masu biƙi a zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sukan zauna kwana arba'in. To amma wa ke zaman? Wadda jini ke zubar mata. Malaman da suka riƙi hadisin, Hanafiyya da Hanbaliyya, sun ɗauki arba'in a matsayin iyakar ƙarshe, ma'ana ko jini ya zarce ta tashi ta yi salla. Ba su ce wadda ta bushe ta zauna jiran cikar lissafi ba. Imamu Tirmizi, wanda ya ruwaito hadisin da kansa, ya hakaito haɗuwar malamai a kan cewa idan ta ga tsarki kafin arba'in sai ta yi wanka ta yi salla. Kin ga ke nan hadisin da aka kafa miki hujja da shi bai ba ki hutun yini ɗaya ba bayan bushewa.

Wani mai karatu zai ce ai Imamu Abu Hanifa yana ganin idan jini ya dawo a cikin arba'in, tsarkin da ke tsakani ma biƙi ne. Haka ne, an ruwaito masa wannan. Sai dai manyan almajiransa biyu sun saɓa masa idan tsarkin ya kai kwana 15, kuma shi ma bai ce mace ta bar salla ranar da ta ga bushewa ba, tunda ba ta san jinin zai dawo ba. Sannan mace ba ta yin tsarkinta duka a kan Malikiyya, ranar da ramuwa ta yi nauyi ta je aron fatawa a wata mazhaba. Ita kuma goggo ba Abu Hanifa ta karanta ba, abin da ta taras iyayenta na yi ta faɗa miki. Arba'in ɗin wankan jego da kunun kanwa al'ada ce ta kula da jiki, ban hana ki ba, amma ba ta da iko a kan salla.

Ga lissafinki. Daga kwana na 23 zuwa na 38 kwana 16 ke nan, salla 80. Ki tuna kuma lokacin da kika ga bushewar a kwana na 22. In da rana ce, da sauran lokacin da zai ishe ki wanka da raka'a 5 kafin faɗuwar rana, to ki ƙara Azahar da La'asar na ranar, da Magariba da Isha'i. In da dare ne, da sauran lokacin wanka da raka'a 4 kafin alfijir, Magariba da Isha'i kawai za ki ƙara. Ki rama su a jere, yini bayan yini, a kowane lokaci na dare ko rana. Wanda ke rama sallolin kwana 5 a kowace rana ba a kiransa mai sakaci, kin ga cikin kwana 4 kin gama. In jinjiri bai bar ki ba, ki yi gwargwadon ƙarfinki ba tare da kin tsallake rana ba, kuma ki ajiye nafila har ki sauke bashin. Azumi kuwa ki rama daga ranar haihuwa zuwa ƙarshen wata, har da 'yan kwanakin ƙarshe da kika sha alhali kina da tsarki. Babu kaffara a kanki, don ba da gangan kika keta alfarmar watan ba.

Jinin kwana na 39 haila ce sabuwa, saboda tsarkin da ya raba su ya kai kwana 15. Ki lissafa shi da al'adarki. In kwana 6 kika saba kuma ya zarce, ki ƙara kwana 3, daga nan ki yi wanka ki yi salla ko yana zuba, ya zama jinin ciwo. Da a ce a kwana na 30 ya dawo, da sai mu ce ragowar biƙi ne, ki riƙa haɗa kwanakin jini kaɗai har su cika 60, kina wanka da salla duk ranar da ya ɗauke. A kwanakin hailar babu salla, babu azumi, babu shiga masallaci ko ɗawafi, kuma maigida ya dakata har ki yi wanka. Zikiri da salatin Annabi da karatun Alƙur'ani da ka duk sun halatta gare ki muddin jinin na zuba.

Akwai abin da ba ki tambaya ba, amma na san za a faɗa miki: wai ai kullum kina wanka safe da yamma. Wankan jego ba ya ɗauke hadasi. Na farko babu niyya a cikinsa. Na biyu, ruwan da aka tafasa da ganyen bedi har ya sauya launi da ƙamshi ba a tsarki da shi. Ki sa a ɗumama miki ruwa tsantsa a tukunyar da ba ta taɓa ganye ba, ki yi niyyar wankan tsarki, ki game jiki kina cuɗawa, har cibiya da ƙarƙashin nono da maƙogwaro. Kitso ba sai kin kwance ba in ruwa na ratsa shi ya kai fatar kai. In na zare ne da aka ɗaure tamau, sai an kwance.

Ki kuma lura da jinin nan na biyu. In yana zuwa da gudaji manya, ko wari, ko zazzaɓi, kada ki tsaya neman fatawa, ki tafi likita a ranar. Goggo kuma kada ki je mata da "Malam ya ce kin yi kuskure". Matar da ke tashi tun asuba tana hura miki wutar wanka ta fi ƙarfin haka. Ki roƙe ta ta ɗora miki tukunya ta biyu, in ta tambayi dalili ki karanta mata amsar nan a hankali. Shi ma maigida ya karanta, don shi ne zai riƙe miki jinjiri yayin da kike ramuwa.

Wallahu a'alam.