Farar riga ta ƙi karɓar launi a Photoshop

"Salamu alaikum 'yan uwa. Ina son in mayar da farar rigar wani ta koma shuɗi mai duhu a Photoshop. Na zaɓi rigar, na ja Hue har ƙarshe, ko gezau. Da na shafa launin da burushi kuma sai ya zama kamar fenti, ga wani farin layi ya zagaye rigar. Ina mafita?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Hue ba zai yi maka komai a nan ba, domin aikinsa juya launin da ke nan ne zuwa wani. Jar riga zai mayar maka da ita kore cikin sauƙi, amma fari ba shi da launin da za a juya. Kada ma ka ɓata lokaci da blend mode ɗin Color, shi ma yana barin hasken hoton yadda yake, don haka inda ya yi fari fat zai zauna fari.

Ga yadda nake yi. Ka zaɓi rigar da Object Selection Tool, ko Pen Tool in bayan hoton ma fari ne. Zaɓin yana nan, sai ka je Layer > New Fill Layer > Solid Color ka sa launinka. Photoshop da kansa zai mayar da zaɓin ya zama mask, ainihin hoton kuma ba a taɓa shi ba. Sannan ka sauya blend mode daga Normal zuwa Multiply. Nan take ninki da inuwar rigar za su fito ta cikin launin.

Amma a kan launi mai duhu za ka ga har yanzu rigar ta ɗan yi shafal, kuma akwai dalili. Multiply ninka launinka yake yi da hasken da ke ƙarƙashinsa. A ce ka zaɓi #1F3A6E, wato ja 31, kore 58, shuɗi 110. Inda rigar take fari sosai, 255, launin zai fito yadda yake. Inda akwai ninki mai hasken 200 kuwa, zai koma wajen 24, 45, 86. Ka ga tazarar da take 55 a farar riga ta dawo 7 kacal a ja, 24 a shuɗi, ido da ƙyar yake kama ta. Maganinsa shi ne ka zurfafa ninkin tun kafin launin ya hau. Ka sa Levels a ƙarƙashin Solid Color ɗin, ka riƙe Alt ka jawo mask ɗin zuwa kansa don ya samu kwafi, sai ka tura baƙin maɓallin da ke hagu a Levels zuwa dama a hankali har ninkin ya fito. Kada ka wuce gona da iri, in ba haka ba hammata da ƙasan wuya za su koma baƙi ƙirin.

Kafin duk wannan ma, ka danna F8 ka ɗora linzami a kan ƙirjin rigar. In Info ya nuna 255, 255, 255 a wuri mai faɗi, to haske ya ƙone wurin tun a kamara, babu ninkin da za a dawo da shi. Irin wannan hoton ni nakan nemi wani ne in akwai.

Sai farin layin. Ragowar tsohuwar rigar ce da mask ɗinka bai kai ba. Mutane da yawa sun saba rage mask idan suna cire bayan hoto, sai su yi haka a nan, layin ya ƙara kauri. Nan faɗaɗa shi ake yi. Ka danna kan mask ɗin, ka je Filter > Other > Maximum, ka sa 1 px, sannan a Properties ka ba shi Feather kamar 0.5 zuwa 1 px. In hoton babba ne sosai wataƙila ya ci 2 px. Alamar ka wuce ita ce ka ga shuɗi ya hau fatar wuya ko hannu. Ka gama wannan gyaran kafin ka kwafa mask ɗin zuwa Levels, don su zo daidai.

Abin da ya rage aikin hannu ne. Ka zuƙo hoton zuwa 200%, ka danna kan mask ɗin, ka ɗauki burushi, fari yana bayyana launin, baƙi yana ɓoye shi, X yana sauya maka su. Ka bi gefen wuya, tsakanin hannu da jiki, da inda gemu ko yatsu suka sauka kan rigar. Maɓallan riga da tambarin aljihu kuma ka shafe su da baƙi su tsaya da launinsu, don su ne suka fi tona asirin aiki. In ka riƙe Alt ka danna mask ɗin za ka gan shi baƙi da fari zalla, duk wani tabo ruwan toka a tsakiyar rigar wuri ne da launin bai kama sosai ba, ka cike shi da fari.

Ka ajiye a PSD. Gobe in mai hoton ya ce ja yake so, danna Solid Color ɗin sau biyu kawai za ka yi ka sauya lambar launi.