Yadda ake tsara duti don kada sababbi su miƙa wa sababbi aiki

"Anti, an ɗora mini tsara jadawalin duti na ɗakinmu. Kowane lokaci ina cika adadin da ake buƙata, amma sai a wayi gari sababbin nas ne suka miƙa aiki, sababbi kuma suka karɓa. Ina nake kuskure?"

Ƙanwata, kina ƙirga kawuna ne, kuma na tabbata da aikin safe kike fara cikewa, sannan ki bi sunaye daga sama zuwa ƙasa. Duk wanda ya yi haka, manyan hannu za su taru masa da safe, lokacin da likitoci ma suna nan, dare da ƙarshen mako kuwa su faɗa kan wanda bai iya cewa a'a ba. Mu ma da haka muka fara.

Kafin ki ja layi ko ɗaya, zauna ki raba mutanenki gida uku. Kada ki dubi muƙami ko shekarun aiki. Babban hannu a wurina shi ne wanda zai iya riƙe ɗakin shi kaɗai: ya gane majinyacin da jikinsa ya fara rikicewa, ya riƙe mabuɗin akwatin magunguna masu tsauri, ya kula da ƙarin jini, ya kuma tada likita da tsakar dare ya faɗa masa abin da zai sa ya taso. Na tsakiya ya iya aikin amma yana son mai jingina. Sai sabo. Nas da ta yi shekara 15 a sashen masu zuwa su koma gida, aka kawo ta ɗakin tiyata jiya, a ɗakin nan ba babbar hannu ba ce tukuna. Ki faɗa mata da ladabi, amma kada ki rubuta ta a matsayin da ba ta kai ba. Ni launi nake ba su, ja ga manya, shuɗi ga na tsakiya, baƙi ga sababbi, don ido ya gani tun daga nesa.

Yanzu lissafi. Mu ɗauki ɗaki mai gado 24 da nas 16, ana miƙa aiki sau uku: bakwai na safe, biyu na rana, tara na dare. Kina son mutum 4 da safe, 3 da yamma, 3 da dare. Goma kenan a rana, 70 a mako. Idan kowa na yin duti 5 a mako, mutum 14 sun isa, biyu kuma su tafi hutu. A takarda komai ya yi daidai. To ki sake lissafin da jan biro kawai. Duti uku sau kwana bakwai 21 ne, kowanne yana son babban hannu ɗaya. Manya biyar gare ki, ɗaya ta tafi hutun haihuwa, saura huɗu, su kuwa duti 20 za su iya. Shugabar ɗakin tana cikinsu, ita kuma safiya take yi daga Litinin zuwa Juma'a. Saura gurbi 16 kan mutum uku masu iya cike 15. Tun ba wanda ya kwanta ciwo, akwai rami ɗaya. Wannan ramin ne yake faɗo miki ba zato, domin ba ke kika zaɓa masa wuri ba.

Saboda haka ki fara da ja, kuma ki fara da inda ya fi wuya: darare bakwai, sannan Asabar da Lahadi, sannan yammacin ranakun da ake tiyata, lokacin da ake dawo da majinyata daga ɗakin aiki. Ramin kuma ki ajiye shi da gangan a inda ya fi sauƙi, mu ce yammacin Lahadi idan ɗakinku yana lafawa a lokacin. Sharaɗin shi ne dutin da ke gabansa da wanda ke bayansa duka su kasance da babban hannu. Da biyu na rana babba ce za ta miƙa wa mafi ƙarfin na tsakiya, da tara na dare babba ce za ta karɓa daga hannunta. Ta safe ta ƙara awa guda, su zaga gadaje tare, ki biya ta awarta a wata rana, ki rubuta don kada a manta. Ki kuma rubuta sunan babbar ɗakin da ke kusa wadda za a kira, bayan kin yi magana da ita da shugabarta. "A nemi taimako a maƙwabta" ba tare da suna ba, babu wanda ya ɗauki nauyi kenan. Dokar da ba na karyawa ita ce kada a taɓa miƙa aiki babu babban hannu ko da a ɓangare ɗaya.

Abin da ya sa na kafe a kan wannan, na gani da idona. Wani dare a wani ɗaki da na yi aiki, an yi wa wani mutum tiyatar ciki da rana. Bugun zuciyarsa an rubuta 88, bayan awa biyu 104, daf da miƙa aiki 118. Awon jininsa bai faɗi ba tukuna, don haka mai miƙawa ta ce yana lafiya, mai karɓa ta rubuta yana lafiya. Duk cikinsu ba wadda ta yi sakaci, kowane awo an yi shi a kan lokaci. Babu dai wanda ya jera lambobin uku ya ga hawa suke, ya tambayi yawan fitsarin da ya fita, ya ɗaga mayafi ya duba ciki. Jini ne yake zuba ta ciki. An mayar da shi tiyata cikin dare, Allah ya sa da sauran kwana. Sabo yana karanta abin da aka rubuta, gogagge kuwa yana tambayar abin da aka bari.

Bayan kin gama da ja, ki zuba shuɗi, baƙi a ƙarshe, kada sababbi su wuce ɗaya a dutin mutum uku. Ki kula kuma da yamma da safiya ke bin ta: wadda ta tashi tara na dare ta dawo bakwai na safe awa 10 kawai ta samu, a ciki za ta yi tafiya da barci. Ki bar aƙalla awa 11 tsakanin duti biyu. Babbar da ba ta yi barci ba, sunanta ne kawai a jadawali.

Sai musanya, wadda ita ce ke rusa jadawali mai kyau a ɓoye. Mutum biyu su shirya tsakaninsu, adadi bai canza ba, amma ja ta fita baƙi ta shiga. Ki yarda da musanya, mutane suna da uzuri, amma launi da launinsa, kuma sai da sa hannunki.

Kafin ki manna jadawalin, ki rufe sunaye da takarda, ki bi kowace rana daga sama zuwa ƙasa, ki tsaya a kowace mahaɗa cikin 21 ki tambayi kanki wa ke miƙawa, wa ke karɓa. Kada ki manta da mahaɗar ƙarshen wannan jadawali da farkon mai zuwa, a nan ake yawan zamewa. Bayan mako biyu ki je miƙa aikin dare da kanki ba tare da sanarwa ba. Idan a tebur ake yi ba a bakin gado ba, ko littafin ƙirgar magunguna sa hannu ɗaya ne maimakon biyu, ko ana ta kiran waɗanda suka tashi a waya ana tambayar abin da ya kamata an faɗa, to wannan mahaɗar ba ta da mai riƙe ta. Ki kawo mini lissafin jan biron nan mu kai wa shugabar jinya, domin da shi za ki nemi ƙarin babban hannu, ko a tsara wa biyu daga cikin shuɗi horon da zai kai su ja.