Hukuncin Karɓar Kuɗi Hannu a Kan Takardar Bashin da Lokacin Biyansa Bai Yi Ba

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kasuwar hatsi ne a Sabon Garin Zariya, ina sayo masara daga Giwa da Soba ina kai wa wani kamfanin abincin kaji. Na kai masa kayan naira miliyan 10, na miƙa takardar neman biya, wato inbois, aka sa hannu cewa za a biya ni bayan kwana 60. Ga kaka ta yi, masara tana araha, jarina kuwa yana hannunsu. Wani kamfanin hada-hadar kuɗi ya ce in sallama masa takardar, ya ba ni kashi 80 cikin 100 nan take, ya karɓi kuɗin da kansa idan lokaci ya yi, ya cire kashi 3 cikin 100 na kuɗin takardar a kowane kwana 30, sannan ya ba ni saura. Sun ce wannan ba rance ba ne, sayen takarda ne, abin da suke cira kuma ladan aiki ne. Shin ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Ɗan'uwa, wannan mu'amala a yadda ka siffanta ta ba ta halatta ba, kuma zan bi lissafinta da kai tukuna, domin hukuncin yana fitowa ne daga cikin lissafin. Saboda Hausa tana rubuta kalmar riba iri ɗaya ga abin da ɗan kasuwa yake samu na halal da abin da Allah Ya haramta, duk inda na nufi na farko zan ce ribar ciniki.

A ranar da ka sa hannu za a ba ka naira miliyan 8, a riƙe miliyan 2, sannan a rubuta wa kamfanin abincin kaji cewa daga yanzu kuɗin wannan takarda ba a asusunka zai zuba su ba. Idan ya biya a kwana na 60, za a cire naira 600,000, wato 300,000 sau biyu, a ba ka 1,400,000. Abin da ya zo hannunka gaba ɗaya ke nan 9,400,000. Mutane da yawa suna jin "kashi 3" sai su ga abin kaɗan ne, alhali an lissafa shi ne a kan miliyan 10, kai kuwa miliyan 8 kaɗai ka riƙe a wannan tsakanin. Naira 600,000 a kan miliyan 8 kashi 7.5 ne cikin 100 a wata biyu, wanda in aka bi shi har shekara ya kai kashi 45. Idan kuma kamfanin ya yi jinkirin kwana 30, abin da kowane mai kai kaya ya san yana faruwa, abin cirewa zai zama 900,000. A ce ribar cinikinka a wannan lodi 800,000 ce bayan kuɗin mota da na 'yan dako. Ka ga jinkirin wata ɗaya ya cinye ta har ya taɓa jari.

Wannan ƙaruwa da ke bin kwanaki ita ce hujja ta farko a kan cewa ba ladan aiki ba ne. Ladan aiki yana bin aiki: bin sawun bashi, rubuta wasiƙa, kiran waya, ajiye lissafi. Aikin karɓo miliyan 10 ba ya ninka na karɓo miliyan 5, kuma ba ya ƙaruwa da naira 300,000 don wata ya kama. Abin da yake ƙaruwa gwargwadon yawan kuɗi da tsawon lokaci farashin jira ne, kuma shi ne abin da Allah Ya raba shi da ciniki a Suratul Baƙara, aya ta 275, inda Ya halatta ciniki Ya haramta riba. Sauya wa abu suna ba ya sauya masa hukunci.

Sai ka duba yarjejeniyar da kyau, ka nemi sakin layin da ya yi magana a kan abin da zai faru idan wanda ake bi bai biya ba, domin wannan kasuwanci iri biyu ne. A mafi yawan lokuta ana rubuta cewa idan kwanaki kaza suka wuce ba a biya ba, kai ne za ka mayar da abin da ka karɓa tare da abin da ya taru a kansa. In haka ne, babu wani saye da ya auku, domin wanda ya sayi abu shi ne yake ɗaukar asararsa idan ya lalace. An ranta maka miliyan 8 ne a kan za a karɓi 8,600,000, takardarka kuma jingina ce kawai. Malamai ba su yi saɓani ba a kan cewa ƙarin da aka sharɗanta a kan rance riba ne.

Iri na biyu shi ne wanda kamfanin zai ɗauki asarar idan wanda ake bi ya karye, kuma saboda haka yakan fi tsada. A nan ana iya cewa saye ne na gaskiya, amma sai a tambaya: me aka saya? Ba farar takardar aka saya ba, kuma ba masarar ba, domin ta riga ta zama ta wanda ka sayar wa. Naira miliyan 10 da za su zo nan gaba aka saya da nairorin da ba su kai su ba. Hadisin Ubada ɗan Samit, Allah Ya ƙara masa yarda, wanda Muslim ya ruwaito, ya sharɗanta cewa zinariya da zinariya, azurfa da azurfa, sai daidai wa daida kuma hannu da hannu, kuma jumhurun malaman wannan zamani sun ba kuɗin takarda hukuncin zinariya da azurfa a wannan babi. Cinikin da aka kawo maka ya rasa sharaɗin biyu a lokaci guda: adadi bai zo ɗaya ba, kuma ɓangare ɗaya na jinkiri ne.

Wani zai ce ai Malikiyya sun yarda a sayar da bashi ga wanda ba shi ake bi ba. Haka ne, amma da sharuɗɗa, daga ciki akwai cewa wanda ake bi yana nan a gari kuma ya amsa cewa ana bin sa, a biya farashin nan take, kada ya zama zinariya da azurfa ake musanyawa, kuma kada a sayi bashin da jinsinsa alhali adadi ya bambanta. Bashin naira da aka saya da naira ƙasa da shi ya faɗi a wannan sharaɗi na ƙarshe. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, wadda take ƙarƙashin ƙungiyar ƙasashen Musulmi, ta yanke a zamanta na Jidda a 1992 cewa karɓar kuɗin takardun kasuwanci kafin lokaci da ragi bai halatta ba, ta kuma ƙarfafa hana sayar da bashin jinkiri da tsabar kuɗi ga wani na uku a zamanta na Manama a 1998. Akwai malamai a Malesiya da suka sauƙaƙa idan bashin daga ciniki ya samo asali, sai dai ban ga hujjarsu ta rinjayi hadisin da ya gabata ba, domin ko daga ina bashin ya fito, abin da za a karɓa a ƙarshe kuɗi ne.

Na san buƙatarka gaskiya ce, kuma yana damuna ganin yadda manyan kamfanoni suke juya jarin ƙananan 'yan kasuwa wata biyu ko uku, alhali Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce jinkirin biya daga mai hali zalunci ne. A cikin wannan hadisin, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira, ya ƙara da cewa idan aka tura ɗayanku ga mawadaci ya karɓi bashinsa, to ya bi. Wannan ita ce hawala, kuma a ganina ita ta fi dacewa da halinka, domin abin da kake nema a haƙiƙa masara ce. Ka je wurin dilan da kuka saba a Giwa, ka sayi buhunan da kuka ƙayyade a kan farashin da kuka yanke sau ɗaya, ka ɗauki kayanka, sannan ka tura shi ya karɓi daidai wannan adadin daga kamfanin da kake bi, bayan kamfanin ya amsa bashin a rubuce. Imam Malik ya ambaci irin wannan a Muwaɗɗa: wanda ya sayar da alkama bashi, sannan ya sayi dabino daga wani mutum daban ya tura shi ga wanda yake bi, ya ce babu laifi. Ko da dilan ya ɗan ɗaga farashi saboda ya san zai jira, wannan farashin kaya ne, muddin ba zai ƙaru ba idan aka yi jinkiri. Ka kula kada kayan abincin ya fito daga hannun kamfanin da kake bi kansa, domin Malik ya hana karɓar abinci a madadin kuɗin abincin da aka sayar bashi daga wanda aka sayar wa.

Idan dilan bai yarda ba, akwai murabaha a bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, irin su Jaiz da TAJ da Lotus. Banki ya sayi masarar, ta shiga mallakarsa, sannan ya sayar maka da ƙarin da aka sani zuwa wani lokaci, kuɗin da kake bi kuma su zama abin dogaronsa na biya. Alamar ingancinta ita ce bankin ya mallaki kayan kafin ya sayar maka. Idan kuɗi kawai aka zuba maka a asusu aka kira shi murabaha, an koma gidan jiya. Ya kuma halatta ka wakilta wani ya karɓo maka bashi da lada ƙayyadadde, amma kada a haɗa wakilcin da rance daga hannunsa, saboda a nan ne ladan yake zama mayafin kuɗin ruwa.

Saura hanya ɗaya da za ta zo maka a rai, wato ka ce wa kamfanin abincin kajin ya biya ka yanzu ka rage masa wani abu. Mazhabar Malik ta hana wannan, haka aka ruwaito daga Ibn Umar da Zaidu ɗan Sabit, amma Ibn Abbas ya halatta, Ibn Taimiyya da Ibnul Ƙayyim suka bi shi, kuma majalisar da na ambata ta zaɓi halacci a 1992 da sharaɗin ba a ƙulla shi tun farkon ciniki ba, kuma wani na uku bai shiga tsakani ba. Wanda ya ɗauki wannan ra'ayi bisa wannan sharaɗi ba na ganin a tsananta masa, ko da yake hawala ta fi kuɓuta daga saɓani.

Idan ka riga ka sa hannu, ka nemi a warware, ka mayar da miliyan 8 da wuri gwargwadon iyawarka, ka roƙi a yafe ƙarin. In an tilasta maka biyansa, ka biya abin da ba makawa, ka tuba, kada ka sake miƙa wata takardar. A lodi na gaba kuma ka nemi a rubuta maka biyan wani kaso ranar sauke kaya, ko ka sanya farashin kwana 60 dabam da na biya nan take tun kafin a ƙulla ciniki, a tsaya a kan ɗaya, domin wannan ƙari halal ne a wurin jumhurun malamai.

Allah ne Mafi sani.