Ya fara aiki a Satumba, amma PivotTable na nuna cinikinsa a Fabrairu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ce ke riƙe lissafi a shagon sarin kayan masarufi. Na haɗa PivotTable na cinikin 2024 bisa kaya, wata da mai sayarwa. Wani yaro da ya fara aiki a Satumba sai ga cinikinsa a Fabrairu da Mayu. Jimillar shekara ta yi daidai da littafi. Mai gyara mana kwamfuta ya ce na'ura ba ta ƙarya, Alhaji kuma ya fara zargin an yi aringizon rasit da sunan yaron. Hankalina a tashe yake, kada a kori bawan Allah a kan aikina.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Kafin komai, ki roƙi Alhaji ya dakata, domin abin da kika kwatanta ya fi kama da kwanan wata da ya juye. Ga gwajin da ba zai ci miki minti ɗaya ba. Ki je gidan da sunan yaron ya haɗu da Fabrairu, ki danna sau biyu. Excel zai buɗe sabon shafi ɗauke da duk layukan da suka haifi wannan adadi. Ki dubi ranakun. Idan kika ga dukkansu 9, 10, 11 ko 12 ga wata ne, babu 3, babu 20, to magana ta ƙare. Waɗannan lambobi watanni ne, wato Satumba, Oktoba, Nuwamba da Disamba, daidai lokacin da yake aiki.

Ga yadda abin ke faruwa. Mu rana muke fara rubutawa sannan wata, don haka 02/10/2024 a wurinmu 2 ga Oktoba ne. Kwamfutoci da yawa kuwa suna zuwa da saitin Amurka, inda wata ke gaba. Idan manhajar cinikinku ta fitar da fayil ɗin CSV kika buɗe shi kai tsaye a irin wannan kwamfuta, Excel zai karanta 02/10/2024 a matsayin 10 ga Fabrairu, ba tare da wani gargaɗi ba. In ya iso 25/10/2024 sai ya rasa wata na 25, ya bar shi a matsayin rubutu kawai, manne a gefen hagu na gidan. Cikin kwana 366 na 2024, kwana 222 za su zama rubutu, 132 su juye zuwa wani watan, 12 ne kacal irin 03/03 za su tsira.

Yanzu bari in tsaya a kan maganar da ta fi damuna, wai tunda jimilla ta yi daidai to rahoto lafiya yake. Kusan kullum sai na ji wannan, kuma ita ce ke jefa mutane cikin bala'i. Jimilla ba ta san wata ba. A ce kina da buhu ɗari a ɗakuna goma sha biyu, wani ya zo cikin dare ya yi ta musanya su tsakanin ɗakunan. Da safe ki ƙirga, ɗari cif za ki samu, amma babu ɗakin da ke ɗauke da abin da kika zuba masa. Jimillar kowane kaya na shekara za ta fito daidai, ta kowane mai sayarwa ma haka, rabon watanni ne kaɗai ya lalace, kuma a kansa ake biyan ladan wata, a kansa ake yanke shawarar sari.

Ki duba abin da wannan zai yi wa sukari da gero. Azumin 2024 ya kama ne ranar 11 ga Maris, don haka cinikin shirin azumi ya taru a farkon watan. Cinikin 8 ga Maris zai koma 3 ga Agusta, na 10 ga Maris ya koma 3 ga Oktoba. Sai tebur ya nuna Maris ya rame, Agusta ya yi ƙiba, Alhaji ya ɗora sarin baɗi a kan wannan.

Abin da ke ƙona min rai shi ne masu gyaran da ke rufe ciwon. Excel da kansa yakan yi ƙorafi: muddin akwai rubutu a cikin ginshiƙin kwanan wata, idan kika nemi haɗa ranaku zuwa watanni zai ce `Cannot group that selection`. Wannan saƙo taimako ne. Sai mai gyara ya zo ya maida layukan rubutun nan kwanan wata, saƙon ya ɓace, ya karɓi kuɗinsa ya tafi, kwana 132 da suka juye suna nan yadda suke domin a ido lafiyarsu ƙalau. Wani kuma ya canza `Format Cells` ya ce an gama, alhali wannan riga ce kawai ya sauya wa lambar, abin da ke ciki bai motsa ba. Na taɓa zama da wani mai shago da ya riga ya zaftare wa yarinyar kantinsa ladan wata uku a kan irin wannan tebur, sai da muka dawo da ranakun aka ga ta cika abin da aka ɗora mata. Na'ura ta tara abin da aka ba ta ne, wanda ya ce ba ta ƙarya sai ya fara tambayar me aka ba ta.

Gyara na gaskiya daga tushe yake. Ki koma fayil ɗin CSV na asali, wanda ba a taɓa buɗewa aka adana a Excel ba, ko ki sake fitar da shi daga manhajar. A sabon littafi ki bi `Data`, `From Text/CSV`, sannan `Transform Data`. Idan akwai matakin `Changed Type` a gefen dama, ki goge shi. Ki danna dama a kan ginshiƙin kwanan wata, `Change Type`, `Using Locale`, ki zaɓi `Date` da `English (United Kingdom)`, sannan `Close & Load`.

In asalin ya ɓata, kuma an riga an gyara layukan rubutun daidai, wannan a sabon ginshiƙi zai mayar da sauran:

```
=IF(DAY(A2)<=12,DATE(YEAR(A2),DAY(A2),MONTH(A2)),A2)
```

Amma da sharaɗi: idan wani ya taɓa gyara wasu daga cikin ranakun 1 zuwa 12 da hannu, ko an ƙara layuka daga wata kwamfuta mai saiti daidai, zai juyar da masu lafiya. Don haka ki ɗauko rasit goma na takarda daga watanni daban-daban ki gwada.

Sauran aikin kin san shi. Mai sayarwa da kaya a `Rows`, kwanan wata a `Columns` a haɗe bisa `Months`, kuɗi a `Values`. Ki tabbata an rubuta `Sum of`, domin idan akwai rubutu a ginshiƙin kuɗi Excel yakan zaɓi `Count of`. Idan sunan mutum ya fito sau biyu, yawanci tazara ce a ƙarshen sunan, `TRIM` na cire ta. Bayan kowane gyara ki danna `Refresh All`.

Idan za ki je wurin Alhaji, ki tafi da rasit ɗaya na yaron mai ɗauke da 2 ga Oktoba, ki ajiye shi kusa da layin da kwamfuta ta rubuta 10 ga Fabrairu, lambar rasit ɗaya, kaya ɗaya, kuɗi ɗaya. Mai gyaran kwamfutar ma a kira shi ya gani.