Bulo nawa buhun siminti ɗaya ke bugawa?

Tambaya: Injiniya, ina so a buga mini bulo mai rami, inci tara, guda 1,000 a filina. Mai bugawar ya ce buhu ɗaya zai ba ni 45, wai muddin an ba shi ruwa sosai zai yi ƙarfi. Hankalina bai kwanta ba, domin gidan da iyalina za su zauna ne. Nawa ya kamata buhu ya fitar, kuma yashi nawa ake zubawa?

Amsa: Malam, gara da hankalinka bai kwanta ba. Ɗauko biro mu yi lissafin tare, don kada wani ya ruɗe ka da baki.

Buhun siminti mai kilo 50 kusan lita 35 ne, wato kwanon leburori biyu. Kwaɓin da nake yarda da shi a bangon gida shi ne awo ɗaya na siminti, awo takwas na yashi. Ka ga ke nan buhu ɗaya zai ci kwano 16, kusan lita 280, baro huɗu a shafe, ba mai tozo ba. Bulon inci tara, idan aka cire ramukansa biyu, yana cin kwaɓi kamar lita 13. Siminti ba ya ƙara yawan kwaɓin sosai, tsakanin ƙwayoyin yashi yake shigewa, don haka za ka samu bulo 20 zuwa 22. Na inci shida kuwa 27 zuwa 30. Bulon tushe, ko bangon da zai ɗauki nauyi, a rage yashi zuwa baro uku, a samu 15 ko 16. Kaurin ƙarfen bugawa ya bambanta, saboda haka kwaɓin farko ka tsaya a kai ka ƙirga da kanka.

Bulonka 1,000 zai ci buhu kusan 48 da yashi baro 192, wajen kubik mita 13 da rabi. Ka ƙara ɗan abu saboda wanda zai fashe da wanda zai zube.

To, mu koma ga 45 ɗin nan. Kafin buhu ya fitar da su sai an zuba yashi lita 585, sama da baro takwas. Siminti ɗaya, yashi kusan 17 ke nan. Wallahi na gaji da jin wannan magana ta “ban ruwa ne ƙarfin bulo”. Kusan kullum sai na ji ta a wurin gini, har daga bakin waɗanda suka tsufa a sana'ar. Ruwa ba ya haifar da siminti. Aikinsa shi ne ya taimaki simintin da ke ciki ya gama kamawa. Idan simintin bai isa ya lulluɓe ƙwayoyin yashi ba, ko wata guda ka yi kana kwara ruwa, yashi kake jiƙawa. Ranar farko bulon zai fito da kyan gani, kusurwoyinsa tsaf, shi ya sa mutane ke yarda. Sai an zo lodi a ga gefensa na zubewa. Sai an ɗora shi a ga ya tsotse ruwan kwaɓin magini nan take. Damina biyu ko uku, danshi ya taso daga ƙasa, shafe ya fara ɓarewa da fatar bulon a jikinsa, tsaga ta kama daga kusurwar taga. Wasu kuma su ce ai shafe zai rufe. Zai rufe wa ido, amma nauyin rufi a kan bulo yake sauka. Na taɓa zuwa duba wata katanga da ta kife bayan ruwa da iska, na ɗauki gutsuren bulonta na murtsuke da hannu. Yara na wasa a gindinta kullum, Allah ne kawai ya tsare. Buhu 25 da za ka rage in ka bi lissafin 45 ɗin nan, su ne za a saka rayuwar iyali a kai?

Yashin ma ka duba shi: mai kaushi, marar laka. Zuba kaɗan a kwalba da ruwa, ka girgiza ka ajiye. Idan laka ta kwanta da kauri a sama, a sake wani. Yashi mai danshi yana kumbura, don haka bulon zai ɗan gaza lissafi, kuma wannan ba dalilin ƙara baro ba ne. A gauraya a bushe sai launi ya zama ɗaya, sannan ruwa kaɗan, yadda in ka dunƙula zai tsaya ba ya ɗiga.

Washegarin bugawa a fara ban ruwa safe da yamma, aƙalla kwana bakwai, a rufe daga rana. Kafin a ɗora, ka karce ɗaya da ƙusa, ka saki wani daga tsayin ƙugu a kan ƙasa mai tauri. In ƙusa ta nutse ko bulon ya wargaje, kada ya hau bangonka.