Uwar mijina tace ɗana ɗan ruwa ne, wai a kaishi bakin kogi

Tambaya: Assalamu alaikum malam, dan Allah a ɓoye sunana. Ɗana shekararsa 2 har yau baya zama, wuyansa ma bai tsaya ba ga yawu yana zuba. Kwana 3 da haihuwarsa idonsa yayi ɗorawa akace shawara ce a dinga shanyashi a hantsi, sai bayan suna da ya daina kama nono muka je asibiti. Yanzu uwar mijina tace ɗan ruwa ne, wai nice na dinga fita da magariba da ciki aka musanya min, kuma su a danginsu babu irin wannan. Wani mai magani yace a kaishi bakin kogi a ajiye a juya baya zai koma wajen iyayensa. In baƙi sunzo cewa take in shige dashi ɗaki. Mijina yayi shiru. Malam in naƙi na saɓa ma iyaye?

Amsa: Wa alaikumus salam baiwar Allah, Allah ya baki ladan jinya. Baki saɓa ma kowa ba, ƙin ma shine wajibi akanki. Yaron da baya iya zama a ajiyeshi bakin ruwa a tafi, ko ya gangara ciki ko yunwa ta kasheshi, wannan kisan kai ne ko da wane suna aka kirashi, Allah yace kada ku kashe 'ya'yanku a Suratul An'am aya ta 151, kuma wanda ya bada shawarar da wanda ya ɗaukeshi duk suna da kamasho a zunubin. Babu biyayya ga abin halitta cikin saɓon mahalicci, ko uwar da ta haifeki ce balle suruka. Shi kuma mai maganin boka ne ko da rawani a kansa, hadisin Muslim yace wanda yaje wajen ɗan duba ya tambayeshi ba a karɓar sallarsa kwana 40. Aljanu gaskiya ne Alƙur'ani ya faɗa, amma cewa suna musanya jariri a cikin ciki ni dai ban ga aya ko hadisi ingantacce akai ba, camfi ne kawai.

Kinga ke da kanki kin faɗi sababin a tambayarki. Likitoci sunce shawarar jarirai in tayi tsanani ba a sa yaro a wutar nan mai shuɗin haske da wuri ba, tana taɓa ƙwaƙwalwa, sai wuya yaƙi tsayawa jiki ya dinga sanƙarewa, wani ma har ji ya taɓu. Hantsi baya maganin mai tsanani. Ban faɗi haka dan ki zargi kanki ba, abinda manya suka ce kika bi, kuma ƙaddara ta riga fata.

Maganar "babu irin wannan a danginmu" ita nafi jin tsoro, dan wani lokacin habaici ne akan nasabar yaro. Wani mutum yazo ma Annabi (SAW) yace matata ta haifi yaro baƙi, yana nufin shakka, Annabi ya tambayeshi launin raƙumansa yace jajaye, yace akwai mai toka-toka a ciki? yace akwai, ƙila wata jijiya ce ta jawo, sai Annabi yace to ɗanka ma ƙila jijiya ce ta jawoshi, bai barshi ya kore ɗan ba. Bukhari da Muslim ne. Ɗa na mai shimfiɗa ne wato mijin uwarsa, duk wanda ya fito ƙarara ya jefeki da alfasha ba shaidu 4 yayi ƙazafi.

Yanzu ga maigida, dan Allah ki bashi ya karanta. Malam shirunka ba ladabi bane, kaine zaka zauna da Hajiya cikin girmamawa kace ɗana ne ba inda za a kaishi, ba matarka zaka bari da ita ba. Ci da sha da tufafinsa akanka suke, kuma a Risala ta Ibn Abi Zaid ciyar da ɗa namiji tana sauka ne in ya balaga babu nakasa tare dashi, to wanda ya balaga a haka nauyinsa na nan a wuyanka. Ka kaishi sashen gashin ƙashi na babban asibiti, su koya ma uwarsa motsa gaɓoɓin a gida kullum, a duba jinsa, in yana farfaɗiya a bashi maganinta. Tabon ƙwaƙwalwar baya gogewa, duk wanda yace kawo kuɗi ya warke tas cikin sati macuci ne, amma gashin yana hana gaɓoɓi ƙagewa kuma da yawansu hankalinsu ƙalau, bakin ne yake musu nauyi. Ruƙya da addu'a a haɗa, basa hana asibiti.

Ɓoyeshi a ɗaki dan kunyar baƙi kuwa bai dace ba, kice ma Hajiya tayi haƙuri cikin taushin murya, ki shimfiɗa mishi tabarma a tsakar gida ki tokareshi da filo yaga yara. In kika ga alamar za a ɗaukeshi a bayan idonki kar ki tsaya kunya, ki sanar da waliyyinki da limami ko mai unguwa tun a ranar. Wallahu a'alam.